Anti, al'adata ta ƙi zuwa, ko ciki ne?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 15, kuma wata 14 ke nan da na fara al'ada. Ina rubuta ranakun a bayan littafina: ta zo 4 ga Yuli, 6 ga Agusta, sai 3 ga Satumba. Yau 17 ga Oktoba, shiru. A tsakiyar Satumba na yi zazzaɓi na kusan mako guda, ko abinci ban iya ci, ga jarrabawa a gabana. Abin da ya fi damuna shi ne ranar 20 ga Satumba wani mutum da ya girme ni, wanda yake yawan zuwa gidanmu, ya riƙe ni ya matse ni a jikinsa da ƙarfi. Dukanmu da kaya a jikinmu, na ƙwace na gudu. Ƙawata ta ce hakan ma yana sa ciki, ta ce za ta samo mini abin da zan sha jinin ya zubo. Ban taɓa saduwa da namiji ba, kuma gaskiya ban san yadda ake samun ciki ba. Mama tana da zafi, ina tsoron gaya mata. Ba na iya barci. Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da abin da zai sa ki yi barci yau: idan abin da ya faru iyakarsa ke nan, ba ki da ciki. Runguma ba ta sa ciki, komai ƙarfinta, matsa jiki da kaya ma haka. Na san faɗar hakan kawai ba zai ishe ki ba, domin gobe wata ƙawar za ta zo da wani labarin, gabanki ya sake faɗuwa. Saboda haka zan yi miki bayanin abin daga tushe, yadda ke da kanki za ki iya auna duk maganar da aka kawo miki.

A cikin mararki akwai mahaifa, girmanta bai wuce dunƙulen hannunki ba. A dama da hagunta akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kuma kusa da kowacce akwai siririn bututu da ya tafi har cikin mahaifar. Da ƙwayayenki aka haife ki, suna nan a ajiye tun kina jaririya. Bayan balaga, a kowane zagayen al'ada ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta cikin jini, ƙwai ɗaya ya nuna, ya fito ya shiga bututun. Ƙanƙane ne ƙwarai, kamar ɗigon bakin allura. Yayin da yake nuna, mahaifa tana yin shimfiɗa mai laushi a bangonta, mai cike da jini, ko da za a samu ciki ya sami wurin zama. Idan ƙwan bai haɗu da komai ba, cikin awa 12 zuwa 24 yake lalacewa. Bayan kamar mako biyu sai mahaifa ta zubar da shimfiɗar, tunda ba a yi amfani da ita ba. Wannan shimfiɗar ce kike gani a matsayin jinin al'ada. Ba ƙazamin jini ba ne da ya taru a jiki yana neman hanyar fita.

Ciki kuwa ba ya samuwa sai ƙwan nan ya haɗu da ƙwayar maniyyin namiji, kuma hanyar ɗaya ce tak: maniyyi ya shiga farji, ƙwayoyinsa su wuce ta bakin mahaifa, su haura cikin bututu su iske ƙwan. Galibi ta saduwa hakan ke faruwa. Yana iya faruwa kuma, ko da yake ba kasafai ba, idan maniyyi ya zuba a daidai bakin farji ba tare da wani tufafi a tsakani ba, ko ya kai wurin ta hannun da yake jiƙe da shi. Ƙwayoyin nan ba sa ratsa kayan mutum biyu, ba sa shiga ta fata, kuma da zarar maniyyi ya bushe sun mutu. Shi ya sa sumba, riƙe hannu, zama a inda namiji ya tashi, shiga banɗakin da ya shiga, ko sa tufafin wani, babu wanda ke sa ciki. Duk lokacin da aka zo miki da labari, tambaya ɗaya za ki yi wa kanki: maniyyi ya kai ga farji ko bai kai ba? Idan bai kai ba, magana ta ƙare.

Amma idan ya kai, kada wani ya ruɗe ki da cewa ba komai. A cikin jikin mace ƙwayoyin maniyyi suna iya rayuwa har kwana 5 suna jiran ƙwai. Ke nan saduwar da aka yi ranar Litinin tana iya zama ciki ranar Juma'a, idan a ranar ƙwan ya fito. Ana ɗaukar ciki a saduwar farko. Ana ɗauka ko da yarinya ba ta taɓa ganin al'ada ba, domin ƙwai ne yake riga jini fitowa. Wanka, tsarki, yin fitsari, tsalle-tsalle, duk ba sa hanawa, ƙwayoyin sun riga sun wuce inda ruwa zai kai. Kuma alkawarin namiji cewa zai janye kafin ya kawo ba abin dogaro ba ne. Na faɗa miki waɗannan ne ba don ina zarginki ba. Na faɗa ne domin da irin waɗannan maganganu ake yaudarar 'yan mata, gara ki ji gaskiyarsu tun yanzu.

To me ya riƙe taki al'adar? A nan nake so ki nutsu, domin wannan ne abin da yawancin mutane, har da manya, ba su fahimta ba. Jini ba shi ne yake yanke wa kansa ranar zuwa ba. Ƙwai yake bi. Daga fitar ƙwai zuwa zuwan jini tazarar ba ta cika canzawa ba, kamar kwana 14 ce, wani jikin ta ragu kaɗan, wani ta ƙaru kaɗan. Ɓangaren da yake tsawo ko ya gajarta shi ne na farko, wato daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da ƙwai ya fita. Idan ƙwai ya yi jinkirin kwana goma, al'ada ma za ta yi jinkirin kwana goma. Saboda haka idan aka ce al'ada ta makara, in dai ba ciki, abin da ya makara a zahiri shi ne ƙwai. Babu wani jini da ya maƙale yana ruɓewa a ciki.

Mu ɗauki ranakun da kika rubuta, kuma na yaba miki da kike rubutawa, mata da yawa da suka haife ki ba sa yi. Ana ƙirga zagaye ne daga ranar farko da jini ya zo zuwa ranar da ta gabaci zuwan na gaba, ba daga ranar da ya ɗauke ba. Zagayenki na Yuli kwana 33 ne, na Agusta kuma 28. Idan muka koma baya da kwana 14 daga 6 ga Agusta, za mu ga ƙwanki ya fita wajen 23 ga Yuli, rana ta 20 a zagayen. A zagaye na biyu kuma wajen 20 ga Agusta, rana ta 15. Kin ga ko da kina lafiya lau, ranar fitar ƙwanki ta motsa da kwana biyar tsakanin wata da wata. A zagayen Satumba, in da komai ya tafi daidai, da ƙwan ya fita tsakanin 17 da 22 ga wata. Daidai lokacin ne kuwa kike kwance ko kike farfaɗowa daga zazzaɓi, ba ci ba sha, ga fargabar jarrabawa, sannan ga abin da mutumin nan ya yi miki.

Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin nunar ƙwai yana lura da halin da jiki ke ciki. Idan ya ga ciwo, ko yunwa, ko tashin hankali, yana iya dakatar da umarnin har sai ƙura ta lafa. A ganina abin da ya same ki ke nan, kuma rashin barcin da kike yi yanzu ba ya taimakawa. Idan a ce ƙwan sai wajen 10 ga Oktoba ya samu ya fita, to wajen 24 ga wata za ki ga jini. Ranar da kika rubuto mini kina rana ta 45. Ga babbar mace, zagaye yakan tsaya tsakanin kwana 21 da 35. Ga yarinyar da ba ta wuce shekara biyu ko uku da farawa ba, daga 21 har 45 duk ana ɗaukarsa daidai ne, kuma ba abin mamaki ba ne a tsallake wata guda sukutum. A waɗannan shekarun jiki koyo yake yi, wani zagayen ma ƙwai ba ya fita sam.

Kada ki zauna kina tattaɓa jikinki kina neman alamun ciki. Ciwon nono, kumburin mara, kasala, saurin fushi, duk suna zuwa kafin al'ada kamar yadda suke zuwa a farkon ciki, domin sinadari ɗaya ne a jiki yake kawo su. Tashin zuciya kuma tsoro kaɗai ma yana kawo shi. Wadda take cikin fargaba kowace alama za ta gani a jikinta.

Akwai iyaka dai. Idan kin kai kwana 90 ba ki ga jini ba, wato a lissafinki farkon Disamba, ki je asibiti ko da babu abin da ke miki ciwo. Haka kuma idan tsallaken wata ya zame miki jiki. Akwai matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke sa ƙwai ya riƙa ƙin fita, takan zo da ƙuraje masu yawa a fuska, gashi a haɓa ko ƙirji, wani lokaci da ƙiba. Akwai matsalar ƙullin nan na wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo. Rama mai yawa, ƙin cin abinci don a rage jiki, motsa jiki mai tsanani, da wasu magunguna, su ma suna ɗauke al'ada. Duk ana gano su da tambayoyi, gwajin jini, wani lokaci da hoton mara, kuma ana maganinsu. Ki tafi da littafin nan naki, zai sauƙaƙa wa likita aiki fiye da yadda kike zato.

Yanzu zan faɗi wata magana, ki karanta ta a hankali. Wani lokaci yarinya takan rubuta rabin abin da ya faru, sauran ya ƙi fita saboda kunya ko tsoro. Na yarda da abin da kika faɗa mini. Amma idan akwai saura, idan ya cire miki kaya, ko ya sadu da ke, ko abin ya faru a wata ranar daban, to ba ki yi laifin ɓoyewa ba, sai dai lissafin ya canza, kuma gwaji ne kawai zai ba da amsa. Ko babu saura ma, idan zuciyarki ta ƙi kwanciya, yin gwajin ba laifi ba ne.

Ga yadda yake aiki. Idan ƙwai ya haɗu da maniyyi a cikin bututu, yakan ɗauki kamar kwana 6 zuwa 10 kafin ya gangaro ya manne a shimfiɗar mahaifa. Bayan ya manne ne jiki ke fara fitar da wani sinadari da za ki ga an rubuta hCG a jikin kwalin gwaji. Shi ne yake hana shimfiɗar zubewa, shi ya sa mai ciki take ɓatan wata, kuma shi ne tsinken gwajin ke nema a cikin fitsari. Ba ya taruwa nan take. Wadda ta yi gwaji kwana uku bayan saduwa ba ta gwada komai ba. Ana dogara da sakamako ne daga ranar da ya kamata al'ada ta zo ba ta zo ba, ko kuma, ga wadda kwanakinta ba su da tsari kamar ke, bayan kwana 21 da saduwar ƙarshe. Daga 20 ga Satumba, kwana 21 sun cika tun 11 ga Oktoba, don haka gwajin da za ki yi yanzu zai faɗi gaskiya.

Ana samun tsinken a kemis da asibiti. Ki duba kada kwanan watansa ya wuce. Ki yi amfani da fitsarin farko na safe, a cikin mazubi mai tsabta, ki tsoma bakin tsinken ba tare da fitsarin ya wuce layin da aka shata ba, ki ajiye shi a kwance. Ki karanta a cikin mintunan da takardar ta ce, yawanci uku zuwa biyar. Layi ɗaya, wanda ke gefen harafin C idan an sa haruffa, yana nufin ba ciki. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Idan layin C bai fito ba, tsinken ya lalace, a sake da wani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dawo bayan awa guda a ɗauko tsinken, a ga wata inuwa da bushewar fitsari ta bari, hankali ya tashi a banza. Idan ya nuna babu kuma jini bai zo ba bayan mako guda, a maimaita sau ɗaya.

Idan ya nuna akwai, asibiti za a nufa a cikin makon, tare da babba. Ana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, shi ya sa wadda ta makara da mako guda ake ce mata cikin mako biyar ne. Jikin yarinya mai shekarunki ya fi na babbar mace fuskantar hawan jini, ƙarancin jini da wahalar naƙuda, don haka ɓoye ciki har ya girma shi ne mafi haɗari a cikin duk abin da za a iya yi. Kuma duk wadda ta yi ɓatan wata bayan saduwa, sai ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri kamar za ta faɗi, ko ciwo a saman kafaɗa, ko ɗigon jini tare da ciwo, kada a jira gari ya waye. Yana iya zama cikin ya zauna a bututu ne maimakon mahaifa, idan bututun ya fashe jini a ciki yake zuba, ba a gani.

Akwai kuma abin da nake so ki riƙe, don kanki ko don wata da za ta zo miki da kuka wata rana. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, kwana ukun farko suna da muhimmanci ƙwarai. A cikin awa 72 akwai maganin da ake farawa a asibiti don kare ta daga cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai kuma ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda ta fi aiki idan an sha da wuri, wata irin har zuwa kwana 5. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta da amfani ga wadda al'adarta ta riga ta makara da makonni.

Wannan ya kawo ni kan ƙawarki. Ba na ganin mugunta ce ta sa ta, ita ma abin da ta ji ne take maimaitawa, kuma ta ga kina cikin damuwa tana so ta taimaka. Amma ina roƙonki, kada ki sha komai da za ta kawo, ƙwaya ce ko jiƙo, kuma kada ki cusa komai a gabanki. Kin riga kin ga dalili: babu jinin da ya toshe balle a buɗe masa hanya. Abin da zai tilasta wa jiki zubar da jini yana iya taɓa hanta ko ƙoda, yana iya ƙona farji, yana iya jawo zubar jinin da ba za ku iya tsayarwa ba ku biyu a ɗaki. Ki ce mata kin gode, kin sami bayani. In kina so ki ba ta wannan ta karanta. Sai dai ki ɗan rage abin da kike gaya mata a kan wannan maganar, ba don ba ta ƙaunarki ba, sai don sirri irin wannan ya fi ƙarfin yarinya mai shekarunta.

Shi kuma mutumin, a gaskiya shi ya fi tsaya mini a rai fiye da al'adar. Al'ada za ta zo. Shi kuwa yana nan yana shiga gidanku. Abin da ya yi ba wasa ba ne, ba kuskure ba ne, kuma babu kason laifinki a ciki ko kaɗan, ko me kika sa, ko kin taɓa yi masa dariya, ko kin saba gaishe shi. Kin yi daidai da kika ƙwace. Masu irin wannan hali sukan fara da kaɗan ne su ga ko yarinya za ta yi shiru. Idan ta yi shiru sai su ƙara. Shi ya sa ba zan ce miki ki manta ba. Daga yau kada ki yarda ku kaɗaita, ko aike aka yi ki wurinsa ki tafi da wani ko ki ce ba za ki ba. Kada ki karɓi kyautarsa. Idan yana turo miki saƙo a waya, kada ki amsa, kuma kada ki goge. Idan ya ce zai tona miki asiri ko ba wanda zai yarda da ke, ki sani shi ne mai asirin da ke tsoron tonuwa.

Dole wani babba ya sani, kuma a cikin kwanakin nan. Na san a nan ne zuciyarki take tsinkewa. Ban san Mama ba, ke kika san ta, amma na san iyaye mata da yawa masu zafi waɗanda zafin nasu tsoro ne ya sa musu shi, tsoron irin wannan abin da ya same ki. Mai yiwuwa ta ɗaga murya da farko. Mai yiwuwa ta yi tambayar da za ta yi miki ciwo, kamar me ya kai ki wurin. Sau da yawa gigicewa ce ke magana a mintunan farko, ba hukuncinta na ƙarshe ba. Kuma ki tuna ita ce take buɗe wa mutumin nan ƙofa ba tare da ta san ko wane ne ba. Idan akwai ƙannenki mata a gidan, maganarki kariya ce gare su.

Ki zaɓi lokacin da take ita kaɗai, ba ta cikin aiki ko fushi. Ki fara da mutumin, ba da al'adar ba, domin idan kika fara da cewa kin yi ɓatan wata, tunaninta zai yi nisa kafin ki ƙarasa. Kina iya cewa: “Mama, akwai abin da yake damuna, ina so ki saurare ni har in gama. Wane ya riƙe ni da ƙarfi ranar kaza, na ƙwace na gudu. Tun lokacin nake jin tsoro.” Bayan ta ji wannan sai ki ƙara da cewa al'adarki ma ta makara tun zazzaɓin nan, kina so ta raka ki asibiti. Idan bakinki ba zai iya ba, ki rubuta a takarda ki miƙa mata, kin iya rubutu mai ma'ana, na gani.

Idan kuma kin tabbata a ranki cewa Mama za ta doke ki ko ta kore ki kafin ta saurara, to kada ki fara da ita ke kaɗai. Ki nemi wata babbar mace da Mama take jin maganarta, yayarta ko ƙanwarta, kakarki, ko wata malama da kika yarda da ita, ki gaya mata, ku je tare. Ma'aikaciyar jinya ma tana iya zama wannan mutumin, kuma kina da damar ce mata kina so ku yi magana ku biyu kafin a shigo da kowa. Idan wadda kika fara gaya wa ta ce ki rufa asiri ki yi shiru, ba ki yi kuskuren faɗa ba, kin dai faɗa wa wadda ba za ta iya ba ne. Ki gaya wa ta biyu.

A daren yau dai ki ci abinci, ki kwanta. Ki sa audugar mata a jakarki ta makaranta, domin jinin da ya makara yakan zo ba sallama, kuma yana iya ɗan fin na kullum yawa tunda shimfiɗar ta daɗe tana kauri. Idan ya kai kina jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ya wuce kwana 7, ko kina jin jiri, a je asibiti. Ranar da ya zo ki rubuta ta a ƙarƙashin 3 ga Satumba, ki ɗan sa alama a gefe cewa kin yi zazzaɓi a wannan zagayen. Sannan ki sake rubuto mini, 'yata. Ina so in ji ranar da ya zo, ina kuma so in ji wa kika gaya wa.